Tarin da ya kai mako goma sha huɗu

Ranar da ya fara shigowa ɗakin da muke duba masu tari, sai da ya leƙa hagu da dama kafin ya zauna, yana tsoron kada wani wanda ya san shi ya gan shi. Shekarunsa 26, mai gyaran waya ne a tsakiyar birni, kuma yana zaune a gidan yayansa. Ba zan faɗi sunansa ba. Na tambaye shi tun yaushe yake tari, ya ce kamar mako uku. Da muka zauna muka bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya, sai muka tarar mako goma sha huɗu ne. Kuma ba ƙarya ya yi mini ba. Ya daɗe yana lissafin cewa tari uku ya yi daban-daban, kowanne da dalilinsa, kowanne kuma ya sha masa magani. Wanda ya kawo mini shi ne na ƙarshe.

Na farkon busasshen tari ne, ya zo a lokacin sanyi, lokacin da kusan kowa a wurin aikinsu yake mura. Ɗakin da suke aiki ƙarami ne, su huɗu a ciki, taga ɗaya kuma kullum a rufe saboda ƙura tana ɓata kayan waya. Akwai hayaƙin dalma da yake shaƙa duk yini. Duk wanda ya ji tarin ba zai rasa abin da zai ɗora wa laifi ba. Sauran ukun suka warke cikin kwana goma, shi nasa ya tsaya. A mako na uku ya sayi maganin tari na ruwa da amoksisilin a kemis, ya sha kwana biyar. Maganin ruwan ya sa shi barci da dare, sai ya ɗauka ya samu sauƙi. Amoksisilin kuwa bai taɓa komai ba, domin tarin fuka ne ke damunsa, ƙwayar cutar kuwa tana da kauri a fatarta, wani irin maiƙo kamar kakin zuma, kuma tana fitar da sinadarin da ke karya irin wannan maganin.

Wajen mako na biyar zazzaɓi ya shigo. Ba mai kayar da mutum ba ne. Da safe lafiya lau zai fita, sai yamma ta yi jikinsa ya ɗume, kansa ya yi nauyi, ya ji ba ya son abinci. Ya ce maleriya ce, ya sha maganinta ba tare da gwaji ba. Bayan kwana huɗu zazzaɓin na nan yadda yake, sai wani ya ce masa taifot ne. A nan aka ba shi lebofuloksasin na kwana bakwai, kuma wannan ne abin da ya fi cutar da shi a duk labarin, domin maganin ya yi aiki. Zazzaɓin ya sauka, tarin ya ragu sosai, ya ci abinci har matar yayansa ta yi masa barka. Lebofuloksasin da danginsa, irin su sifurofuloksasin, suna taɓa ƙwayar tarin fuka, wani ya fi wani ƙarfi. Shi lebofuloksasin ma yana cikin manyan magungunan da ake ajiyewa domin nau'in tarin da ya bijire wa magani. Kwana bakwai na magani ɗaya tak ba zai kawar da cutar ba, sai dai ya kwantar da ita na ɗan lokaci. Mara lafiya ya ga ya warke, ya ƙara makonni a gida, gwajin da za a yi masa nan kusa yana iya kasa ganin ƙwayar, sannan ƙwayoyin da suka tsira suna iya koyon jure maganin. Duk lokacin da na ga an ba mai doguwar tari irin wannan magani ba a duba kakinsa ba, raina yana ɓaci, don na san me zai biyo baya.

Kwana goma sha biyu ya yi cikin wannan sauƙin. Da tarin ya dawo, da kaki ya dawo, fari-fari da farko, daga baya ruwan ɗorawa. Shi ya sa a lissafinsa wannan sabon tari ne.

Dalilin da ya sa wannan cuta ke iya yaudarar mutum mai hankali yana cikin yanayin ƙwayar kanta. Yawancin ƙwayoyin cutar da ke kawo nimoniya suna ninka kansu cikin ƙasa da awa ɗaya, shi ya sa wanda suka kama yake kwantawa cikin kwana biyu ko uku, kowa ya san ba shi da lafiya. Ƙwayar tarin fuka, wadda Robert Koch ya bayyana a 1882, tana ɗaukar wajen awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu biyu. Saboda haka babu ranar da mutum zai nuna ya ce yau na kamu. Jiya da yau kusan ɗaya suke, yau da gobe ma haka. Sai wanda ya rabu da kai wata biyu ne zai gan ka ya ce, “Kai, lafiya kake kuwa?” Mutanen gida da ke ganinka kullum su ne na ƙarshen lura.

Gumin dare ya fara a mako na tara. Zai farka wajen ƙarfe uku ya tarar da rigarsa sharkaf, matashin kai ya jiƙe, alhali ɗakin ba zafi. Ya ce rashin iska ne. Ya fara ajiye riga ta biyu kusa da katifa don canzawa, kuma wannan ya zama masa al'ada har ya daina ganinsa a matsayin wani abu. Bel ɗinsa ya matsa huda ɗaya, sannan huda biyu, ya ce aiki ne ya yi yawa. Hawa benen da yake yi a guje, yanzu sai ya tsaya a tsakiya ya dafa bango.

Abin da ya fara buɗe masa ido ba ciwo ba ne, sana'arsa ce. Wayarsa ta cika, yana share tsofaffin saƙonnin murya, sai ya kunna wani da ya aika wa wani mai kawo gyara. A tsakiyar maganar ya ji kansa ya yi tari sau biyu ya ce, “Yi haƙuri, mura nake.” Ya duba kwanan watan saƙon, ya ga wata biyu da rabi ke nan. Ya kunna na gaba, akwai tarin. Ya tsallaka zuwa na makon da yake ganin ya warke, a can ma akwai shi, ƙasa-ƙasa, amma yana nan. Ya gaya mini cewa a wannan daren ya kunna saƙonni sun fi talatin, da ƙyar ya samu biyar da ba tari a ciki. Sannan ya buɗe hotuna, ya ajiye na watanni huɗu da suka wuce kusa da na makon, ya ga ƙashin wuyansa ya fito, kumatunsa sun faɗa.

A daren ne ya tuna da wani abokinsa. Kafin ya koma gidan yayansa, sun yi wata bakwai suna kwana ɗaki ɗaya da wasu samari biyu, ɗaya daga cikinsu yana tari kullum, ana yi masa tsiya da cewa sigari ce. Daga baya abokin ya rame, ya tattara kayansa ya bar birnin, labarinsa ya yanke. Shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan da rabuwarsu. Matashin ya ce mini ya kore wannan tunanin da kansa, domin a ganinsa in da wani abu ya ɗauka a ɗakin nan, da tuni ya bayyana. Ba haka cutar take ba. Wanda ya shaƙi ƙwayar, galibi garkuwar jikinsa tana killace ta a huhu ta zauna shiru, ba ciwo, ba ya yaɗa wa kowa. An ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa ɗaukar ƙwayar, kuma tsakanin 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai daga cikinsu za su yi ciwon a tsawon rayuwarsu. Amma mafi yawan haɗarin yana cikin shekara biyun farko bayan ɗauka. Tazarar da ya ɗauka hujja ce ta kuɓuta, ita ce daidai tazarar da muke sa ran ganin ciwon.

Duk da haka bai zo ba. Ya ƙara mako biyu, kuma a wannan karon ba rashin sani ne ya hana shi ba. Ya riga ya yi zargi, har ya faɗa wa kansa sunan ciwon. Abin da ya riƙe shi tsoro ne: kada a raba masa kofi da kwano a gida, kada abokan aiki su guje shi, kada a ce ai mai tarin fuka ƙanjamau ne da shi. Sai wata safiya a mako na goma sha uku yana wanke baki, ya yi tari ya tofar, ya ga zaren jini a cikin kakin. Ya ce wa kansa dasashi ne. Washegari ya sake gani, wannan karon ya kai rabin cokalin shayi. 'Yar yayansa, mai shekara uku, wadda ba ta da wurin zama sai cinyarsa, tana tsaye a bakin ƙofa tana kallonsa. Ya ce ita ya kalla, ba jinin ba. Bayan kwana biyar ya zo.

Mutane da yawa suna jiran jini kafin su yarda. Jini ba shi ne alamar farko ba, kuma masu tarin fuka da yawa ba sa ganinsa sam. Yana zuwa ne bayan cutar ta ci wani sashe na huhu ta yi rami, ta taɓa jijiyoyin jini. Ma'aunin da muke aiki da shi ya fi haka sauƙi: tarin da ya kai mako biyu a duba kaki. In akwai zazzaɓin yamma, ko gumin dare, ko rama, ko zama da wani mai doguwar tari, to ba ma sai an jira ba. Da an bi wannan, da ya zo mako goma sha biyu kafin ranar da ya zo.

Na ɗora shi a sikeli, kilo 58. Ya ce rabonsa da awo yana 66. Zafin jikinsa 37.9 da rana tsaka. Da na saurari ƙirjinsa, akwai ƙaras-ƙaras a saman huhun dama, ƙarƙashin ƙashin wuya. Nan ne cutar ta fi son zama a jikin babba.

Na ba shi 'yar roba mai murfi na ce, “Samari, kaki nake so, ba miyau ba. Ka fita waje inda iska ke kaɗawa, ba banɗaki ba. Ka kurkure baki da ruwa, ka ja numfashi mai zurfi sau uku, sannan ka yi tari daga can ƙasan ƙirji. Ko cokalin shayi ɗaya ya isa, in dai mai kauri ne.” Na farkon da ya kawo miyau ne zalla, na mayar da shi. Wannan ƙaramin abu yana ɓata gwaji fiye da yadda ake zato. Miyau daga baki yake, ƙwayar kuwa a huhu take, sai sakamako ya fito babu komai, mutum ya koma gida da murna da cutarsa.

Mun sa kakin a na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun 2010. Tsohuwar hanya ita ce a shafa kaki a gilashi a rina shi a duba da madubin hangen ƙwayoyin cuta, amma sai ƙwayoyin sun kai dubu biyar zuwa dubu goma a kowace mililita kafin ido ya kama su. Na'urar kuwa ƙwayar halittar cutar take nema, tana gano ko da kaɗan ne, tana gamawa cikin kimanin awa biyu, kuma tana amsa tambaya ta biyu: shin rifamfisin, babban maganin cutar, zai yi aiki a kan wannan ƙwayar? Ga abin da ya fito a allon:

```
MTB DETECTED MEDIUM;
Rif Resistance NOT DETECTED
```

Layin farko yana nufin an samu ƙwayar, kuma yawanta matsakaici ne. Na biyu yana nufin ba ta bijire wa rifamfisin ba. Hoton ƙirjin da aka ɗauka ya nuna farin hazo a saman huhun dama da wani ɗan rami a tsakiyarsa.

Da na faɗa masa, bai yi mamaki ba. Ya yi shiru ya sunkuyar da kai, sannan ya ce, “Likita, ana warkewa kuwa?” Na ce ana warkewa, kuma layi na biyun nan albishir ne, domin maganinsa na wata shida ne da ƙwayoyin da muka fi sani. Na kuma ce masa duk wanda aka samu da tarin fuka muna yi masa gwajin ƙanjamau, ba don muna zarginsa ba, sai don in akwai ta, maganin cututtukan biyu tare ake tsara shi. Ya yarda, hannunsa yana rawa. Babu ita. Mun duba suga ma, domin ciwon suga yana ninka haɗarin tarin fuka sau biyu zuwa uku, shi ma lafiya lau. Ba wata ɓoyayyiyar cuta ce ta jawo masa ba. Wata bakwai ne a rufaffen ɗaki da mai tari.

Maganin kashi biyu ne. Wata biyun farko magunguna huɗu ne: rifamfisin, isoniyazid, firazinamid da etambutol, an haɗe su a ƙwaya ɗaya. Da nauyin jiki ake ƙidaya ƙwayoyin, shi a kilo 58 huɗu zai sha kullum, gaba ɗaya, da safe kafin ya ci komai, domin abinci yana rage yadda jiki ke tsotse rifamfisin. Wata huɗun da ke biye magunguna biyu ne, rifamfisin da isoniyazid. Ya tambaye ni me ya sa har huɗu. Na ce masa ramin da ya gani a hoton nan yana ɗauke da ƙwayoyin cuta miliyoyi masu yawa, kuma a cikin irin wannan taro ba a rasa 'yan tsiraru da aka halitta da juriyar magani ɗaya. In aka ba da ɗaya, su ne za su rage su cika huhun. Amma da wuya a samu wadda ta jure duka a lokaci guda.

Kafin ya tafi na lissafa masa abin da zai gani. Fitsarinsa zai koma ja-ja kamar ruwan lemo, har gumi da hawaye suna iya canzawa, wannan rifamfisin ne, ba jini ba, kada ya tsorata. Gaɓoɓinsa suna iya ciwo saboda firazinamid. Ƙafafunsa suna iya yin zugi ko jin kamar ana tsira masa allura saboda isoniyazid, mun haɗa masa da bitamin B6 don haka. Waɗannan duka ya ci gaba da shan magani ya gaya mana. Amma abu uku na ce in ya gani ya dakata ya zo a ranar: idonsa ya yi shawara ko amai ya ƙi tsayawa, domin uku daga cikin magungunan suna iya taɓa hanta, ko ganinsa ya dushe har ya kasa bambance ja da kore, wannan etambutol ne, ko ƙuraje masu tsanani su feso masa. Giya kuwa babu ita sam, ya ce dama ba ya sha.

Faɗa wa gida ya fi masa shan magani wuya. Washegari ya zo da yayansa. Yayan ya zauna fuska a ɗaure, tambayarsa ta farko ita ce ko za a ware masa kwanuka. Na ce, “Malam, wannan cuta ba ta bin kwano, ba ta bin kofi, ba ta bin musabaha. Iska take bi. In ya yi tari ko ya yi magana da ƙarfi, ƙananan ɗigo suna fita su rataye a iskar ɗaki na awanni in an rufe taga. Ku ci abinci tare. Abin da nake so shi ne ya kwana shi kaɗai, taga a buɗe, ya sa takunkumi in yana cikin mutane, ya rage ɗaukar yarinyar na mako biyu zuwa uku.” Da zarar an fara maganin da ya dace, ƙarfin yaɗuwar yana faɗuwa da sauri. Haɗarin da gidan ya shiga, ya shige shi ne a makonni goma sha huɗun da ba wanda ya san komai.

Matashin ya juya ya ce, “Yaya, ka yafe mini, da na zo tun da wuri.” Yayan bai amsa ba, amma shi ne ya sa hannu a kati a matsayin wanda zai riƙa kallonsa yana haɗiye maganin kowace safiya yana yin alama.

Mun duba duk mutanen gidan. Yayan da matarsa ba su da alama, hotunansu fes. Yarinyar ce ta fi damuna. Uwarta ta nuna mini tabon allurar BCG a kafaɗarta ta ce ai an yi mata rigakafi. Allurar tana da amfani, tana rage wa ƙananan yara mummunan nau'in cutar, irin wanda ke shiga ƙwaƙwalwa ko ya bazu a jiki duka, amma ba ta hana ɗauka. Yaron da bai kai shekara biyar ba, in ya zauna da mai tarin fuka na huhu, ana ba shi maganin kariya ko da lafiyarsa ƙalau, bayan an tabbatar ba ciwon ne ya riga ya kama shi ba. Ba ta tari, ba ta zazzaɓi, nauyinta yana hawa yadda ya kamata. Muka ɗora ta a kan rifamfisin da isoniyazid na yara, mai narkewa a ruwa, na wata uku. Sai wurin aiki. Ya yi kwana tara kafin ya iya buɗe baki ya gaya musu. Biyu suka zo, ɗaya ya ƙi. Cikin biyun, yaron da ke koyon aiki, ɗan shekara 17, wanda bencinsa ke manne da nasa, ya ce shi ma yana ɗan tari mako uku ke nan. Kakinsa ya nuna ƙwayar.

A mako na biyu da fara magani zazzaɓin ya tafi. A na uku gumin dare ya tsaya, ya fara cin abinci kamar mai ramuwa. A ƙarshen wata na biyu nauyinsa 61, muka sake duba kaki. Wannan karon da madubi muka duba, ba da na'urar ba, domin ita tana iya ci gaba da ganin gawar ƙwayoyin da magani ya riga ya kashe har tsawon watanni, ta tayar wa mutum da hankali a banza. Ba a ga komai ba. Muka sauya shi zuwa magunguna biyu.

A wata na uku ranar karɓar maganinsa ta zo bai zo ba. Washegari ma haka. Na kira wayarsa sau uku kafin ya ɗauka. Yayan ya yi tafiya, ba mai yin alama a kati, maganin ya ƙare kwana shida da suka wuce. Ya ce, “Likita, wallahi garau nake. Ko tari ba na yi. Kuma ba kun ce gwajin bai nuna komai ba?”

Na ce ya zo mu yi magana. Da ya zo na tambaye shi, “Lokacin da ka sha maganin taifot ɗin nan, ya ka ji?” Ya ce ya ji ya warke. Na ce, “Kwana nawa?” Ya ce goma sha biyu. Bai bari na ƙarasa ba, ya gane inda na dosa. Na bayyana masa cewa ƙwayoyin da ke huhunsa ba iri ɗaya suke rayuwa ba. Akwai masu hayayyafa da sauri a bangon ramin, su ne ke kawo zazzaɓi da kaki, su ne kuma magani ke fara kashewa a makonnin farko. Akwai kuma waɗanda suka lafe a cikin tabon huhu kamar masu barci, sai jefi-jefi su motsa, kuma magani ba ya samunsu sosai sai a lokacin da suka motsa. Wata huɗun ƙarshe nasu ne. Madubi ba ya ganinsu, jiki ba ya jin su. Wanda ya tsaya a wata na uku, su ne za su farfaɗo, kuma wanda ke sha yana bari yana ba su damar koyon jure rifamfisin da isoniyazid. In aka kai nan, magani ya zama wani daban, mai wahalar sha da yawan illa, kuma duk wanda ya ɗauka daga gare shi irin wannan mai taurin zai ɗauka. A ƙa'ida, sai mutum ya yi wata biyu a jere bai sha ba ake rubuta cewa ya ɓace daga magani. Shi kwana shida ne, don haka ya ci gaba daga inda ya tsaya, muka ƙara kwanakin a ƙarshe. Matar yayan ta karɓi katin.

Kakin wata na biyar babu komai, na wata na shida ma haka. Na rubuta a katinsa cewa ya warke, nauyinsa 64. Hoton ƙarshe ya nuna ramin ya rufe, ya bar tabo kamar zare a saman huhun dama, wanda zai kasance tare da shi. Na gaya masa ya ajiye hoton da katin, domin duk likitan da ya ɗauki hoton ƙirjinsa nan gaba zai ga tabon ya yi tambaya. Na kuma gaya masa warkewa ba ta hana sake kamuwa, in tari ya sake kai masa mako biyu ya zo kai tsaye, kada ya bi ta kemis.

Yarinyar ta gama nata wata ukun lafiya. Yaron da ke koyon aiki yana wata na biyar a lokacin, kuma matashin ne ke yi masa alama a kati kowace safiya kafin su buɗe aiki. Sun cire allon da ya toshe tagar, sun sayi murfin roba suna rufe kayan waya saboda ƙura. Na huɗunsu har yanzu bai zo gwaji ba. Shi kuwa abokin da suka kwana ɗaki ɗaya, matashin ya yi ta neman lambarsa har ya samu ta wani ɗan'uwansa. Aka ce masa yana raye, yana gida, kuma tarin bai bar shi ba. Ranar da ya zo karɓar katinsa, ya roƙe ni in rubuta masa sunan gwajin kakin a takarda, ya ɗauki hotonta ya tura.